Ciwon Kwankwaso Mai Sauka Ƙafa: Yaushe Ake Haƙuri, Yaushe Ake Gudu Asibiti?

Ɗan dako ya sunkuya ya ɗaga buhun masara, ya murɗa jiki zai ɗora a baro, sai ya ji kwankwasonsa ya riƙe. Kwana biyu bayan nan, ciwon ya bar baya ya koma ƙafar dama. Yana tsargawa kamar wutar lantarki daga ɗuwawu, ya bi bayan cinya har diddige. In ya yi tari ko atishawa, sai ya dafa bango. 'Yan uwa suka ce sanyi ne, a yi masa ƙaho.

Likitoci suna kiran wannan ciwo sayatika, kuma tushensa a baya yake, ba a ƙafa ba. Tsakanin kowane ƙashin baya da na ƙasa da shi akwai faifan guringuntsi, bayansa tauri, cikinsa laushi. Idan bayan ya tsage, na cikin ya bullo ya danne saiwar jijiya, ya sa ta kumbura. Saiwoyi 5 ne suke haɗuwa su zama jijiya mafi kauri da tsawo a jikin mutum, wadda take sauka har tafin ƙafa. Shi ya sa ake danne ta a kwankwaso, ƙafa ta ɗauki raɗaɗin.

A asibiti, likita ya kwantar da shi rigingine, ya ɗaga ƙafar a miƙe. Kafin ta yi nisa, ciwon ya harba har ƙasan gwiwa. Wannan ce alamar da ake nema.

Galibin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 4 zuwa 6 ba tare da tiyata ba. Maganin rage raɗaɗi da tafiya kaɗan-kaɗan sun fi kwanciya wuni guda amfani.

Amma akwai alamun da ba a kwana da su. Laka tana ƙarewa ne a saman kwankwaso, daga nan jijiyoyi suke zubowa kamar jelar doki, cikinsu har da masu kula da mafitsara da dubura. Idan faifan ya danne su gaba ɗaya, fitsari yakan ɗaure ko ya zubo ba a sani ba, bayan gida ya kufce, mutum ya yi tsarki bai ji taɓin ruwa ba. Haka nan idan ciwon ya kama ƙafafu biyu, ko ƙafa ta fara ja har silifa na zamewa. Zazzaɓi, rama da ciwon da ke hana barci kuwa suna iya nuna tarin fuka na ƙashin baya ko ciwon daji.

Kunya takan hana mutane faɗin matsalar fitsari. Wanda ya ga wannan alama ya je asibiti mai likitan tiyata a ranar, ya faɗe ta ƙarara, domin jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya barin mutum da robar fitsari har ƙarshen rayuwarsa.