Shekara 12 Yana Jan Waya, Amma Hannunsa Bai Kawo Mita Ba

Da na gama ginin shagona a Walewale, gefen titin Tamale zuwa Bolga, ban nemi wani mai gyaran wuta ba sai ƙanena. Shekara 12 ya yi yana bin maigidansa; gidajen da ya ja wa waya a zangon Yendi da Salaga ba su ƙirguwa. Aiki ya yi kyau. Sai da aka zo neman mita na gane cewa NEDCo na buƙatar takardar kammala aiki mai sa hannun ma'aikacin da Hukumar Makamashi ta Ghana ta ba lasisi. Dokar jan wayar lantarki ta 2011 ce ta ce haka. Dole na biya wani mai lasisi ya zo ya gwada aikin kafin ya sa hannu. Ƙanena yana tsaye yana kallo, abin ya yi masa ciwo.

To, takardun iri biyu ne, kuma mutanenmu na yawan haɗa su. Ta farko shaidar sana'a ce. Shekaru da dama NVTI ta yi wa 'yan koyo jarrabawar ƙwarewa ta baki da ta aikin hannu, yanzu kuma CTVET na da tsarin tantance abin da mutum ya koya a wajen maigida. Ta biyu ita ce lasisin Hukumar Makamashi, mai aji uku: gidaje, wuraren kasuwanci, da masana'antu. Ita ce mai kawo mita. Ana rubutawa, a yi aikin hannu, sannan a zauna gaban masu tambaya.

Ƙanena ya ɗauka rubutun ne zai kayar da shi. Ashe gwaji ne matsalarsa. Ya san siririyar waya mai lamba 1.5 ta fitila ce, 2.5 ta soket, amma a wajen maigidansa idan ƙwan fitila ya kama, shi ke nan aiki ya ƙare. Wallahi bai taɓa riƙe na'urar gwajin rufin waya ba. Ita wannan na'ura tana tura bolt 500 cikin layin bayan an kashe wuta an cire kayan aiki. Idan ta nuna ƙasa da megohm 1, akwai inda robar waya ta kurje a cikin bututu ko danshi ya shiga. Fitila za ta kama lafiya lau, amma wuta na yoyo cikin bango, a shagon da na cika da atamfa.

Na ce masa, "Ƙanena, je ka bi mai lasisin nan ko da wata uku ne, kuɗin mota na wuyana." Ya bi shi har Bawku. Yanzu ya cike fom na ajin gidaje, kullum bayan isha'i ɗana na karanta masa tambayoyin Turanci, shi kuma yana amsawa da Hausa tukuna.