Littattafai Uku da Za Su Taimaki Mai Shirin Haɗa Gajerun Labaransa na Farko

Littattafan koyar da ƙaga labari suna da yawa, mafi yawansu da Turanci, kuma akasarinsu dogon labari suka sa a gaba. Wanda ke son fitar da kundin gajerun labarai yana iya cinye shekara yana karanta su bai gyara ko shafi ɗaya na rubutunsa ba. A ganina littattafai uku sun isa a fara da su, da sharaɗin a karanta kowanne da labarin da mutum ya riga ya rubuta a gefensa, yana gwada darasin a kansa nan take.

Mu ɗauki misali da za mu bi da shi har ƙarshe. Wani sabon marubuci ya rubuta labari mai kalma 2,000 a kan wani tela, Malam Sani, wanda a jajiberin Sallah aka ƙona shaddar wani Alhaji da dutsen guga a shagonsa. Shafi na farko ya tafi a tashin tela da asuba, da sanyin gari, da karin kumallo, da tarihin yadda ya koyi ɗinki. Sai a shafi na uku shaddar ta ƙone. A ƙarshe Alhaji ya yafe, kowa ya yi murna.

Littafin da ya kamata ya fara buɗewa shi ne A Swim in a Pond in the Rain na George Saunders, wanda ya fito a 2021. Saunders malami ne a Jami'ar Syracuse ta Amurka, kuma shi kansa gwanin gajeren labari ne. Ya ɗauko labarai bakwai na marubutan Rasha huɗu, wato Chekhov da Turgenev da Tolstoy da Gogol, ya saka su cikakku a littafin, sannan ya warware kowanne. Labarin farko na Chekhov ne, a kan wata malamar makarantar ƙauye da ke komawa gida a keken doki bayan ta karɓo albashinta a gari. Saunders ba ya barin ka karance shi a tashi ɗaya. Yakan ba ka shafi guda, ya tsayar da kai, ya sa ka duba abin da ka sani yanzu, da abin da kake ɗokin sani, da inda kake zaton labarin ya dosa.

Idan marubucinmu ya yi wa nasa labarin haka, ciwon zai bayyana a shafi na farko. Mai karatu ya san tela ya tashi ya sha koko, amma babu wata tambaya a ransa, don haka babu abin da zai ja shi zuwa shafi na biyu. Magani shi ne a fara daga ƙaurin yadi, lokacin da Malam Sani ya juyo ya ga tabon guga a ƙirjin babbar riga, ga Alhaji zai turo direba bayan isha'i. Darasi na biyu da Saunders ya nanata shi ne kowane sashe ya ƙara tsananta lamarin. Idan tela ya ruga kasuwa ya tarar irin shaddar ta ƙare, an ci gaba. Idan ya dawo ya zauna yana jimami tsawon shafi biyu, labarin ya tsaya cik ko da jimlolin sun yi daɗi.

Na biyu shi ne Steering the Craft na Ursula K. Le Guin, wanda aka fara bugawa a 1998, ta sabunta shi a 2015. Ɗan siriri ne, babi goma, kowane babi da aikin gida. Wanda ya fi amfani ga mai gajeren labari shi ne na zaɓen wanda za a ga labarin ta idonsa. Takan sa ka rubuta ƙaramin al'amari ɗaya sau da yawa: ta idon wannan, ta idon wancan, ta bakin mai ba da labari da ya san zuciyar kowa, sannan ta bakin ɗan kallo da bai san komai ba sai abin da ya gani.

A nan labarin tela zai iya canzawa gaba ɗaya. A gwada shi ta idon yaron shago ɗan shekara goma sha biyu, wanda shi ne ya bar dutsen gugar a kan rigar saboda barci ya sace shi bayan kwana biyu ana ɗinkin dare. Yanzu yaron yana tsaye yana kallon maigidansa na faɗa wa Alhaji, “Ranka ya daɗe, laifina ne,” alhali ya san ba haka ba ne. Yafewar Alhaji ta daina zama ƙarshen labari. Abin da ya rage wa mai karatu shi ne ko yaron zai buɗe baki.

Sai dai a yi hattara da wani darasi nata. Akwai inda take sa a rubuta sakin layi babu sifa babu bayanau ko ɗaya, don a koyi dogara da aikatau. Horo ne mai kyau, amma an gina shi a kan raunin Turanci. Hausa tana da amsa-kama irin su tsit da zugum da fes da kwatsam, kuma sau da yawa su ne ƙarfin jimlar. “Shagon ya yi tsit” ta fi duk wani dogon bayani. Abin da ya dace Bahaushe ya rage shi ne “sosai” da “ƙwarai da gaske” da jerin karin magana uku a wuri ɗaya.

Na uku shi ne On Writing na Stephen King, na shekarar 2000. Kusan rabinsa tarihin rayuwarsa ne, kuma hankalinsa ya fi karkata ga dogon labari, don haka shawara biyu kawai zan ɗauko. Ta farko, a ajiye rubutu ya huce kafin a gyara. Shi mako shida yake ba littafi, gajeren labari kuwa mako biyu ma sun wadatar a ganina. Ta biyu, wani edita ya taɓa rubuto masa cewa gyara na biyu ya zama ya gaza na farko da kashi goma cikin ɗari. Ga labarin tela, kalma 200 ke nan za su fita. Doguwar gaisuwa tsakanin tela da direba za ta koma layi biyu, tarihin koyon ɗinki ya koma jimla ɗaya. Marubuciyar da ke son shiga gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 za ta yanke fiye da haka, domin an saba ƙayyade labari tsakanin kalma 1,000 da 1,500.

Abin da littattafan nan uku ba su koyar ba shi ne yadda labarai goma ko sha biyu za su zama littafi ɗaya. Wannan sai a duba kundayen da aka riga aka yi. Abubakar Imam ya ɗaure labaran Magana Jari Ce da zare guda, aku mai ba da labari a gidan sarki. James Joyce ya jera labarai 15 na Dubliners, wanda ya fito a 1914, daga ƙuruciya zuwa samartaka zuwa manyanta zuwa harkar jama'a, duk a birni ɗaya. Marubucinmu yana iya zaɓar layin kasuwa ɗaya, tela ya zama jarumi a labari na farko, ya leƙo a na biyar a matsayin mai bin bashi. Ya rubuta jimlar farko da ta ƙarshe ta kowane labari a takarda guda ya karanta su a jere. Idan huɗu sun buɗe da asuba, ko uku sun rufe da mutuwa, sai ya raba su nesa da juna ko ya sake wa biyu daga ciki mafari.