Daga shirinmu na kasuwanci: idan takardar binciken haraji ta iso shagonka

Mai sauraro, a ce kana sarin atamfa da shadda a unguwar Briqueterie ta Yawunde, sai ga takarda daga ofishin haraji cewa za a zo a binciki littattafanka. Kada ka tura ta ƙarƙashin darduma. Duba ranar da aka sa da shekarun da za a bincika. A dokar Kamaru, a ƙa'ida ba sa komawa baya fiye da shekara 4, kuma kana da damar ɗauko masanin haraji ya zauna tare da kai.

Kafin ranar, tattara rasitan saye da sayarwa, takardun kwastan, littafin bashi, da bayanin asusunka na banki da na kuɗin waya. Jera su wata-wata.

Inda 'yan kasuwarmu suka fi faɗawa rami shi ne asusun banki. Misali, ka bayyana cinikin sefa miliyan 60 a shekara, amma mai bincike ya ga miliyan 72 sun shiga asusun. A wurinsa, miliyan 12 ɗin nan ciniki ne da ka ɓoye, sai in ka nuna ba haka ba. To, miliyan 5 rance ne daga yayanka da ke Garwa: kawo shaidar turo kuɗin da takardar yarjejeniya. Miliyan 4 kwasar adashi ce: kawo littafin adashin mai sa hannun uwar adashi. Mu dai mun saba da “ai amana ce tsakaninmu”, amma malam, mai bincike ba ya rubuta amana a rahotonsa. Sauran miliyan 3 kuwa, in ciniki ne da aka manta ba a rubuta ba, ka amsa.

Kada ka kuskura ka ƙago rasit don cike gurbin, domin tarar tana bin yadda aka ɗauki niyyarka. In harajin da ya rage miliyan 1 ne kuma aka yarda kuskure ne, tarar kashi 30 cikin ɗari ce, wato jaka 300. In aka ce da gangan ne, miliyan 1 cur. In aka kama takardar bogi, miliyan 1 da rabi. Ban da wannan akwai kuɗin jinkiri, kashi 1.5 cikin ɗari kowane wata.

Bayan binciken za a aiko maka da takardar ƙarin harajin da suke ganin ana binka. Kwana 30 gare ka ka ba da amsa a rubuce, kuma shiru yarda ne. Bi kowane adadi ɗaya bayan ɗaya: wannan na yarda, wannan ban yarda ba, ga shaida. Ka kai da kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka.