Gida Huɗu na Hukunci: Yadda Ake Gane Ingancin Manhajar Tantance Tarin Fuka

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa amfani da manhajar kwamfuta wajen duba hoton ƙirji domin tantance tarin fuka a jikin 'yan shekara 15 zuwa sama. Manhaja irin su CAD4TB takan duba hoton ta ba shi maki daga 0 zuwa 100. Ma'aikatan lafiya su ke tsayar da iyaka: wanda makinsa ya kai iyakar sai a karɓi kakinsa a gwada a na'urar GeneXpert, wanda bai kai ba a sallame shi. To, yaya za a san ko manhajar tana aikin kirki? Ana gane haka ne daga wani ɗan jadawali mai gida huɗu, wanda a rahoton manhaja za ka ga an rubuta masa `confusion matrix`.

Bari mu ƙaddara misali. An ɗauki hoton ƙirjin mutum 1,000 a wata unguwa, kuma 20 daga cikinsu ne ke da cutar da gaske. Mafi ƙarancin abin da hukumar ta nema ga irin wannan gwaji a shekarar 2014 shi ne ya kama kashi 90 cikin 100 na masu cutar, ya kuma wanke kashi 70 cikin 100 na marasa ita. Idan manhajarmu ta tsaya daidai nan, ga yadda jadawalin zai kasance:

| | Manhaja ta ce a gwada | Manhaja ta ce a sallama |
|---|---|---|
| Masu cutar, mutum 20 | 18 | 2 |
| Marasa cutar, mutum 980 | 294 | 686 |

Kafin ka kalli lambobi, ka fara karanta kanun jadawalin, domin wasu rahotanni sukan juya shi, gaskiyar lamari ta koma sama, hukuncin manhaja ya koma gefe. Gida biyu na daidai ne: mutum 18 da aka kama, da 686 da aka wanke. Sauran biyun kuskure ne, amma nauyinsu ba ɗaya ba. Mutum 294 an tayar musu da hankali a banza. Za su ba da kaki, su jira sakamako, daga baya a ce musu lafiyarsu ƙalau. Mutum 2 kuwa an ce su tafi gida alhali cutar na cin huhunsu, kuma za su ci gaba da tari a cikin iyalinsu.

Daga waɗannan gidaje ake fitar da ma'auni biyu. A rahoto `TP` su ne waɗanda aka kama daidai, `FN` waɗanda suka kuɓuce, `FP` waɗanda aka zarga a banza:

```
recall    = TP / (TP + FN) = 18 / 20  = 0.90
precision = TP / (TP + FP) = 18 / 312 = 0.058
```

Na farko ma'aunin kamu ne. Tambayarsa ita ce: cikin masu cutar duka, nawa aka kama? An kama 18 cikin 20. Na biyu ma'aunin dacewa ne: cikin waɗanda manhaja ta nuna wa yatsa, nawa ne ta dace a kansu? Mutum 18 cikin 312, wato kusan ɗaya cikin 17. Mai karatu zai iya cewa wannan ai aikin banza ne. Ba haka ba ne. Aikin tantancewa shi ne a rage yawan waɗanda za a yi wa gwaji mai tsada, kuma an rage su daga 1,000 zuwa 312 ba tare da an rasa fiye da mutum biyu ba. Ba a fara ba kowa maganin wata shida saboda makin manhaja kawai. Sai gwajin kaki ko binciken likita ya tabbatar.

A nan ne ya kamata a yi hattara da mai talla da zai ce manhajarsa tana yin daidai kashi kaza cikin 100. Tamu ta yi daidai a kan mutum 704 cikin 1,000, kusan kashi 70. Amma manhajar da za ta ce wa kowa “lafiyarka ƙalau” ba tare da ta duba komai ba za ta yi daidai a kan mutum 980, wato kashi 98, alhali ko majiyyaci ɗaya ba ta kama ba. Duk inda masu cuta suka yi ƙaranci, wannan dunƙulallen adadi yaudara ce.

Yanzu a ce kayan gwajin kaki sun yi ƙaranci, shugabar shirin ta ɗaga iyakar maki. Mu ƙaddara an koma kama mutum 14, shida sun kuɓuce, waɗanda aka zarga a banza kuma sun sauko zuwa 98. Dacewa ta tashi zuwa 14 cikin 112, wato ɗaya cikin takwas, kamu kuma ya faɗo zuwa kashi 70. Kamar koma ce ta masunta: ka buɗa idanunta, tarkace ya ragu, amma kifi ma ya riƙa zillewa. Lissafin da ke gaban shugabar a fili yake. Ta adana gwaji 200, ta rasa ƙarin majiyyata huɗu. Ke nan kowane ɗaya daga cikin huɗun nan gwaji 50 ne farashin gano shi. Ko ya cancanci a biya, wannan hukunci ne na mutane, ya danganta da kuɗin da ke hannu da ƙarfin ɗakin gwaji. Ga cutar da ke yaɗuwa ta iska, ke kuma warkewa idan an gano ta, akan fifita kamu. Sai dai idan an sauke iyakar har samfuran kaki suka fi ƙarfin ɗakin gwaji, sakamako ya yi ta jinkiri, mutane suka daina dawowa, to kamun da aka samu a takarda ya zube a hanya.

Wani abin lura shi ne, dacewa takan sauya da irin mutanen da ake dubawa. Kai wannan manhaja, da iyakarta ta farko, asibitin da masu doguwar tari ke zuwa, inda 200 cikin 1,000 ke da cutar. Idan ƙarfinta bai sauya ba, za ta kama 180, ta zargi 240 a banza, dacewa ta zama 180 cikin 420, kusan kashi 43. Saboda haka ba a ɗaukar adadin dacewa na asibiti a yi tsammaninsa a kasuwa ko tashar mota. Su ma kurakuran suna da inda suka fi taruwa. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke yakan bar tabo a huhu, manhaja ta ba shi maki mai yawa. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau da garkuwarsa ta yi rauni kuwa, hotonsa na iya fita kamar lafiyayye alhali yana da tarin. Shi ya sa ya kyautu a zana wa waɗannan rukunoni nasu jadawalin daban.

Gida mafi wuyar cikewa shi ne na waɗanda suka kuɓuce. A aikin yau da kullum, waɗanda manhaja ta zarga kaɗai ake gwadawa, don haka dacewa tana fita daga rajistar ɗakin gwaji cikin sauƙi. Wanda aka sallama kuwa ba wanda ya gwada kakinsa, ba a san ko yana cikin 686 ko cikin biyun nan ba. Hanyar auna kamu ita ce a ware wani rukuni a gwada kowa da kowa a cikinsa, mai maki da yawa da mai kaɗan, kafin a tsayar da iyaka. Idan aka kawo maka rahoton da ke alfahari da kamu, tambayi ko an gwada waɗanda aka sallama, kuma su nawa ne.