Bulo Nawa Ɗakin Ƙasa Mai Kaurin Bango Yake Ci?

Sau da yawa mai gini yakan auna cikin ɗaki, ya sa a buga masa bulon laka a kan wannan awon, sai bango ya kusa kaiwa rufi bulo ya ƙare. Kusurwa ce ta cinye shi, domin bango mai kauri yana da ciki da baya, kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne.

Mu ɗauki ɗaki ƙafa 12 kowane gefe daga ciki, tsayinsa ƙafa 10, da bulo mai tsawon inci 18, faɗi 9, kauri 6. Idan aka jera bulon a gicciye, tsawonsa shi ne kaurin bango, wato ƙafa ɗaya da rabi. Kewayen ciki ƙafa 48 ne, na waje 60, amma wanda ake lissafi da shi na tsakiyar bango ne, ƙafa 54. Kowane bulo tare da kwaɓin da ke gefensa yana cin inci 10, don haka layi ɗaya bulo 65 ne. A tsaye kuma, bulo da kwaɓinsa inci 7 ne, layi 17 ke nan. Jimla 1,105. A cire kamar 60 na gurbin ƙofa da taga, a ƙara ɗaya bisa goma saboda wanda zai fashe wajen ɗauka, sai a buga 1,150. Wanda ya yi lissafi da ƙafa 48 zai rasa bulo kusan 120, ƙila kuma damina ta riske shi yana jiran sabo ya bushe. Harsashi da rawanin soro lissafinsu daban. Tubalin gargajiya, mai kama da ƙwai, ba ya bin wannan awo, tunda hannu ke curawa, kuma magini yakan rage kaurin bango yayin da yake hawa.

Yaɓe kaurin inci ɗaya, ciki da waje, zai ci kwaɓaɓɓiyar ƙasa baro 40 da 'yan kai. Kafin a kwaɓa duka, a gwada ɗan fili a jikin bango, a bar shi kwana biyu. In ya tsattsage, yumɓu ya yi yawa, sai a ƙara yashi da yankakkiyar ciyawa. In kuwa yana zubewa da an goga hannu, yashin ne ya rinjaya.

Abin da ya fi damuna shi ne yaɓen siminti kai tsaye a kan laka. Ba sa kama juna, ruwa kuma in ya samu tsaga ya shige, ba ya fita, sai ya riƙa cin bangon ta ciki alhali fuskarsa sumul. Ƙwanƙwasa shi, in ka ji ƙarar ganga ya rabu. Makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ta fi dacewa da bayan ɗakin ƙasa: tana kore ruwan sama, tana barin bango ya fitar da danshinsa, sai dai tana son a sabunta ta bayan 'yan shekaru, a cikin rani.