Littafin da Ke Ƙirga Mintunan Tsayuwar Inji

A masana'antar ƙulla ruwan leda, idan aka tambayi ma'aikata abin da ya fi tsayar da aiki, kowa zai ambaci abin da ya fi ba shi haushi. Littafin tsayuwar inji shi ke raba wannan gardama.

Tsarinsa ba wuya. Duk lokacin da inji ya tsaya, mai kula da shi zai rubuta kwanan wata, sunan injin, lokacin tsayawa, lokacin tashi da lambar dalili. Nan take ake rubutawa, domin wanda ya bari sai an tashi aiki zai mayar da minti 17 ya zama "wajen rabin awa".

Lambobin dalili su ne zuciyar aikin. Ana ba kowane dalili gajeriyar lamba: W1 ɗaukewar wuta da jiran janareta, L1 cushewar leda, H1 ƙonewar hitar liƙi, S9 sauransu. Goma zuwa goma sha biyar sun wadatar. Idan suka yi yawa, mai aiki cikin gaggawa zai riƙa jefa komai a S9, kuma da zarar "sauransu" ya hau saman jeri, littafin ya daina faɗin komai. Haka kuma idan aka mayar da shi hanyar yanke albashi, ƙananan tsayuwa za su ɓace daga shafi.

A ƙarshen wata sai a tara mintunan kowace lamba. A Excel, idan lambobin na layin D, mintunan na layin E:

```
=SUMIF(D:D,"W1",E:E)
```

Daga nan a jera su daga babba zuwa ƙarami, ana tara kasonsu. Wannan jeri ya samo suna daga Vilfredo Pareto, masanin tattalin arziki na Italiya, wanda ya lura cewa mutane ƙalilan ke riƙe da mafi yawan dukiya. Joseph Juran ne ya shigo da tunanin cikin harkar ingancin kaya.

A ɗauka inji ya tsaya minti 1,000 a wata. Jiran janareta ya ci 420, cushewar leda 250, hita 150, ragowar dalilai suka raba 180. Dalilai uku sun kwashe kashi 82 cikin ɗari.

Abin lura yana cikin ledar. Ta cushe sau 50, minti biyar-biyar, don haka ita ce a bakin kowa. Wuta kuwa sau 14 kacal ta ɗauke, amma kowane karo rabin awa ake yi kafin janareta ya karɓa. Wanda ya jera da yawan aukuwa zai bi leda, wanda ya jera da mintuna zai fara tambayar abin da ke cinye wannan rabin awa: neman mai riƙe da makulli ne, ko batir ne ya yi sanyi? Idan aka rage jiran zuwa minti 10, an dawo da minti 280 a wata, fiye da duk abin da leda ta ci.