Wasiƙar Kuɗin Makaranta: Tuni Ba Tozarci Ba

A makarantu masu zaman kansu da yawa, idan wa'adin biyan kuɗin zango ya cika, sai a karanto sunayen waɗanda ba su biya ba a taron safe, a kore su gida. Yaro ke kwasar kunyar, alhali ba shi aka bi bashi ba. Gobe ya ƙi zuwa, uban kuma ya daina ɗaukar waya.

Tuni na mutunci yana isa mako biyu kafin wa'adi, cikin rufaffen ambulan mai sunan mahaifi, ko saƙon waya zuwa gare shi kaɗai. Misali: "Assalamu alaikum. Muna tunatar da ku cewa ragowar kuɗin zango na biyu, naira 15,000, za a kammala biya ranar 10 ga Fabrairu. Idan biya kashi-kashi zai fi muku sauƙi, ku tuntuɓi shugaban makaranta. In kun riga kun biya, mun gode."

Jimlar ƙarshen nan ba ado ba ce. Sau da yawa an tura kuɗin ta banki, ma'aji ne bai shigar a littafi ba, don haka a duba rasit kafin a sake tuntuɓar kowa.